Ƙarar injin niƙa da gashin cikin kunne da ba ya sake tsirowa

A garuruwanmu, tun daga ƙauyukan Maraɗi har zuwa na Damagaram da Tawa, da wuya a samu unguwar da ba ta da injin niƙa. Kuma kusan ko'ina labarin mai injin iri ɗaya ne. Idan ya yi shekara goma yana wannan aiki, sai an maimaita mashi magana sau biyu, shi kuma idan zai yi magana sai ya ɗaga murya ko da a cikin ɗaki ne. In an tambaye shi ko ƙarar ba ta damunshi, ya ce ai ya saba. To wannan sabon shi ne ciwon. Kunne ba ya sabawa da ƙara kamar yadda tafin hannu ke yin kanta da aikin hauya. Ƙarar ta daina damunshi ne saboda wani ɓangare na abin da yake ji da shi ya mutu, kuma a jikin ɗan Adam wannan abu ba ya dawowa. Shi muke so mu bi daki-daki: mene ne ke mutuwa, ta yaya, cikin awa nawa, kuma ta ina ake ganewa tun da sauran abin cetowa.

Hanyar da sauti ke bi

Abin da muke kira kunne, wanda ake gani a waje, mazurari ne kawai. Yana tara sauti ya zura shi cikin rami mai tsawon kamar santimita 2 da rabi. A ƙarshen ramin akwai dodon kunne, wata siririyar fata da ke a ɗame kamar fatar kalangu. Sauti girgizar iska ce, kuma idan ta bugi wannan fata sai ita ma ta girgiza. A bayanta akwai ƙasusuwa uku haɗe da juna, su ne mafi ƙanƙanta a duk jikin mutum. Masana sun ba su suna daga siffarsu: guduma, da maƙera, da likkafa. Likkafar ba ta kai ƙwayar shinkafa tsawo ba.

Ita likkafar tana dannar wata ƙofa ta wani ɗan ɗaki da ke binne cikin ƙashin kai. Ɗakin a murɗe yake kamar katantanwa, zagaye biyu da rabi da ɗan ɗoriya, kuma girmanshi duka bai wuce ƙwayar wake ba. In da za a warware shi a miƙe, zai kai kamar santimita 3 da rabi. Cike yake da ruwa. Idan likkafa ta danna, ruwan sai ya yi igiya, igiyar ta bi wani siririn labule da ya ratsa katantanwar daga baki har ƙurya. A bisa wannan labule ne ƙwayoyin da muke magana a kansu suke zaune. Wani ɗan Italiya mai suna Alfonso Corti ne ya fara bayyana tsarin wurin a 1851.

Ana ce masu ƙwayoyin gashi, amma kada ku ɗauka gashin da ke fitowa a bakin kunnen dattawa ne. Ƙwayoyin halitta ne masu rai, ƙanana ƙwarai, ba a ganinsu sai da madubin likita. A kan kowace ɗaya akwai tsinkaye gommai, wani lokaci har sama da 100, a jere gajere, matsakaici, dogo, kamar matakala. Kan kowane tsinke ɗaure yake da na kusa da shi da wani zare. Idan igiyar ruwa ta karkata tsinkayen, zaren sai ya ja ya buɗe wata ƙaramar kafa, wani irin gishiri da ke cikin ruwan ya shige cikin ƙwayar, sai ta aika saƙon lantarki zuwa jijiyar ji, jijiya ta kai ƙwaƙwalwa. Duk abin da kuka taɓa ji, daga kiran salla har kukan sauro, ta nan ya bi.

A kowane kunne akwai kamar 3,500 a layin ciki, da kamar 12,000 a layuka uku na waje. Ga wanda ya saba jin ana lissafin ƙwayoyin jiki da miliyoyi, wannan adadi kaɗan ne ainun, bai ma kai yawan mutanen wani babban ƙauye ba. Na layin ciki su ne masu kai saƙo. Na waje kuwa aikinsu ƙara ma sauti ƙarfi: suna miƙewa suna tsukewa sau dubbai a daƙiƙa ɗaya, suna ingiza labulen, ta yadda raɗa da motsin ganye za su isa a ji su. Ba su taɓa sauti mai ƙarfi, ƙanƙanin kawai suke ɗagawa. Ku riƙe wannan, za mu dawo gare shi. Su na wajen nan su ne ƙara ke fara kashewa.

Abu na ƙarshe game da tsarin: kowane wuri a kan labulen da irin sautin da yake amsawa. Bakin katantanwa na siraran sauti ne, irin kukan gyare da fito. Ƙurya kuma ta kakkaura ce, irin rugugin hadari da babbar ganga. Ana auna sirantar sauti da yawan girgiza a daƙiƙa, wanda ake kira herz. Kunnen yaro mai lafiya yana ji daga 20 zuwa kusan 20,000. Georg von Békésy ya samu lambar Nobel a 1961 saboda gano yadda igiyar ke bin labulen nan.

Yadda ƙara ke kashe su

Hanya biyu ce. Ta farko ta farat ɗaya ce. Harbin bindiga a kusa da kunne, ko fashewar nakiya a ramin zinari, ko fashewar babbar taya, ƙara ce da ke iya yayyaga tsinkayen nan take, ta ɓamɓare ƙwayoyin daga kan labule, wani lokaci har ta fasa dodon kunne. Kunne yana da wata ƙaramar tsoka da ke ɗaure ƙasusuwan nan idan ƙara ta yi yawa, amma kafin ta motsa harbin ya riga ya wuce. Dodon kunne da ya fashe yakan haɗe da kanshi cikin ƴan makonni idan ba a zuba mashi komai ba. Ƙwayoyin da suka ɓamɓare a ciki kuwa sun tafi ke nan.

Ta biyu ita ce ta mai niƙa, kuma ita ta fi yawa. Ba zafi, ba jini. Ku duba gonar hatsi bayan iska mai ƙarfi: wani kara ya kwanta, kwana biyu ya tashi, wani ya karye a gindi, ba ya tashi. Idan ƙara ta yi awoyi tana kaɗa tsinkayen, suna yin laushi su kwanta, zaren da ke kansu ya tsinke. Mutum ya fito daga ɗakin inji da yamma ya ji kamar an toshe mashi kunne da auduga, maganar mutane tana zuwa daga nesa, ga wani siririn ƙugi kamar gyare ya shiga kai. Idan ya samu shiru, ƙwayar tana gyara zarenta cikin kamar kwana guda, tsinkaye su miƙe. Galibi cikin awa 16 zuwa kwana 2 ji ya dawo. Shi ya sa mutane ke raina abin, su ce ai yana wucewa.

Matsalar ita ce mai niƙa ba ya samun waɗannan awoyi. Da asuba mata sun riga sun jera kwanoni. Ƙwayar da ba ta gama farfaɗowa ba ta koma aiki fiye da ƙarfinta. Duk ƙwayar da ke aiki tana ƙona abinci da iska, kuma ƙonawar tana barin wani datti mai guba da jiki ke sharewa a hankali. A ƙarƙashin ƙara mai tsanani dattin yana taruwa fiye da yadda ake share shi, a daidai lokacin da ƙananan hanyoyin jini na wurin ke tsukewa. Gubar tana cin ƙwayar daga ciki har ta mutu. Gwaji a kan dabbobi ya nuna cewa wannan ɓarna ba ta tsayawa da an kashe inji, tana iya ci gaba har sati guda ko kwana goma bayan ƙarar.

Idan ƙwaya ta mutu, maƙwabtanta da ke tallafe da ita sai su kumbura su rufe gurbinta, don kada ruwan sama da labule ya haɗu da na ƙasa. Wato tabo ke nan. Tabon yana kare sauran wurin, amma shi ba ya ji.

Akwai kuma wata ɓarnar da aka gano daga baya. A 2009 masu bincike biyu a Amirka, Sharon Kujawa da Charles Liberman, sun sa ɓeraye cikin ƙara ta awa 2. Bayan sati biyu gwajin ji ya nuna sun warke sarai, ƙwayoyin gashi na nan daram. Amma da aka duba da madubi, a wasu wurare kusan rabin mahaɗan da ke tsakanin ƙwayoyin da jijiya sun tsinke. An yi wannan a kan ɓera ne, kuma har yanzu ana binciken yadda abin yake ga mutum. Duk da haka ya isa ya sa mu daina ɗaukar toshewar kunne ta dare ɗaya a matsayin abin da ya wuce bai bar komai ba.

Me ya sa ba su tsirowa?

Fata in ta yanke tana haɗewa, ƙashi in ya karye yana ɗoruwa, jini in ya zuba jiki yana yin wani. Duk waɗannan suna da irin ajiya, ƙwayoyin da ke rabuwa biyu su haifar da sababbi. Katantanwar mutum ba ta da wannan. Ƙwayoyin gashinta suna gama samuwa tun jariri yana ciki, kafin cikin ya kai wata 5, daga nan sai rabuwa ta tsaya a wurin gaba ɗaya. Da waɗanda aka haife ku za ku tsufa. Haka abin yake ga akuya da saniya da duk dabba mai shayarwa.

Abin mamaki, kazar da ke kiwo a bakin injin ta fi mai injin sa'a. A 1988 ƙungiyoyin bincike biyu sun nuna cewa idan ƙara ta kashe ƙwayoyin gashi a kunnen tsuntsu, ƙwayoyin tallafi suna rabuwa su zama sababbi, kuma cikin ƴan makonni ji ya dawo. Kifi da kwaɗo ma haka. Tun daga lokacin masana ke neman yadda za a tayar da wannan baiwa a kunnen mutum. An gwada magunguna, amma har yau babu ƙwaya ko allura ko ruwan ɗigawa da ke mayar da ƙwayar gashi da ta mutu. Saboda haka duk mai tallar maganin kurumta a kasuwa da lasifika, ku san abin da zai ɗiga maku ko dodon kunne ba ya wucewa, balle ya isa ɗakin da ke binne cikin ƙashi. Idan dodon a fashe yake kuma, ɗigawar tana iya jawo wani ciwon.

Lissafin awoyi

Ana auna ƙarfin ƙara da desibel. Hira tsakanin mutum biyu kamar 60 ce. Harbin bindiga yana wuce 140. Amma ma'aunin yana da yaudara, don ba ya tafiya kamar awon tiya. Duk ƙarin desibel 3 yana nufin ƙarfin da ke dukan kunne ya ninka. Inji biyu iri ɗaya a ɗaki ɗaya, idan kowane yana ba da 94, tare suna ba da 97.

Ƙa'idar da masana lafiyar ma'aikata suka fi amfani da ita ta fara daga 85. A 85, iyakar abin da kunne zai ɗauka a rana awa 8 ne. Tunda kowane ƙarin 3 ninki ne, lokacin sai ya rabu biyu: a 88 awa 4, a 91 awa 2, a 94 awa 1, a 97 minti 30, a 100 minti 15. Ba sai kuna da na'ura ba kafin ku san kun shiga wannan yanki. Ku tsaya da mutum tazarar miƙa hannu. Idan sai kun ɗaga murya kafin ya ji ku, ƙarar ta kai 85 ko ta wuce. Idan sai kun kai baki kusa da kunnenshi kun yi ihu, to ta kusa 100.

Aune-aunen da aka yi a wuraren niƙa a Ghana da Najeriya sun sha nuna 90 da wani abu, wani lokaci har sama da 100. Injinan namu irinsu ne: injin gazuwal yana bugawa, bel yana kaɗawa, farantan ƙarfe biyu suna gugar juna, kuma duk a cikin ƙaramin ɗaki mai rufin kwano da ke mayar da kowane sauti.

Bari mu ɗauki misali. A ce saurayi ɗan shekara 18 ya kama aiki a injin da ke ba da 97 a daidai inda yake tsayawa yana tura hatsi. Rabonshi na rana minti 30 ne. Shi kuwa yana aiki awa 3 da safe, awa 3 da yamma. Awa 6 minti 360 ke nan, a raba da 30, ya ba da 12. Wato kowace rana kunnenshi yana ɗaukar kayan kwana 12. Kafin ya gama niƙa ma mace ta biyar ko ta shida ya riga ya cinye rabon ranar. Gab da salla ko lokacin biki, da inji ke kai dare, lissafin ya wuce haka.

A watannin farko yana komawa gida da ƙugi da toshewa, da safe su wuce. Bayan shekara ɗaya ko biyu ƙugin yana daɗewa, har wata rana ya zauna. Ƙwayoyin waje sun fara mutuwa, amma ba ko'ina ba. Suna fara mutuwa ne a wani ɗan yanki kusa da bakin katantanwa, wurin da ke amsa herz 3,000 zuwa 6,000, musamman 4,000. Ɗaya daga cikin dalilan shi ne ramin kunne da kanshi: tsawonshi yana sa ya ƙara ma sautin da ke kusa da 3,000 ƙarfi, kamar yadda bakin kwalba ke yi in an busa, sai dukan ya sauka a wurin da ke ɗan sama da haka.

Idan aka kai shi gwajin ji bayan shekara 10, ga irin abin da takardar kan nuna. Ana sa mashi abin sauraro a ɗaki mai shiru, ana sako sauti iri-iri ana rage ƙarfinsu har a ga mafi ƙanƙantar da yake ji. Mai lafiya yana ji a desibel 20 ko ƙasa da haka. Shi mai niƙan, a herz 500 da 1,000 yana iya ji a 15, lafiya lau. A 4,000 sai an kai 50. A 8,000 kuma ya ɗan dawo, kamar 30. A kan takarda layin yana tafiya a miƙe, ya faɗa rami, ya sake hawa, kuma a kunnuwan biyu kusan daidai. Likitan kunne da ya ga wannan rami yakan tambayi sana'ar mutum kafin komai. Kurumtar tsufa ba ta yin haka, ita gangarowa take yi ba ta hawa. Ramin yana zurfi da sauri a shekaru 10 zuwa 15 na farko, daga baya ya riƙa faɗi yana cin 2,000 da 1,000, inda yawancin magana take.

“Ina jin murya, ban gane abin da aka ce ba”

Wannan ita ce maganar da masu irin wannan ciwo suka fi yi, kuma gaskiya suke faɗi. Wasula, wato a, i, u, e, o, da hawa da saukar murya, duk suna cikin sauti mai kauri, wurin da bai lalace ba. Amma s, sh, f, ts, t da k sirara ne kuma ba su da ƙarfi. Su ne ke faɗawa ramin. Sai a ce fata ya ji sata, don in an cire harafin farko kalmomin biyu ɗaya suke. In ku biyu ne a zaure yana kallon bakinku, yana cike gurbin da hankali. A kasuwa, ko wurin suna, ko ta salula, abin sai ya gagara. Muryar mata da ta yara ta fi ɓace mashi, shi ya sa rigimar takan fara a gida: uwargida ta ce yana jin abokanshi amma ita ya yi mata kunnen uwar shegu.

Ga kuma abin da ke ruɗa iyali. An yi mashi magana a hankali bai ji ba, an ɗaga murya ya ce, “Haba, don me kake yi mani ihu?” Sai a ce da gangan yake yi. Ku tuna aikin ƙwayoyin waje ɗaga ƙaramin sauti ne kawai. Da suka mutu, ƙaramin ya ɓace, amma babban yana isowa da ƙarfinshi, har ma ya fi damunshi. Abin da ke taimaka mashi shi ne a fuskance shi, a rage rediyo, a yi magana dalla-dalla, in bai gane ba a sauya kalma maimakon ƙara murya.

Ƙugin da ke cikin kunne kuma yawanci daga ƙwaƙwalwa yake. Da saƙo ya daina zuwa daga wurin da ya mutu, sai ta ƙara buɗe kunnenta ga wurin, har ta riƙa jin abin da babu. Ya fi fitowa da dare in gari ya yi tsit. Wasu rediyo a hankali kusa da shimfiɗa yana sa su samu barci.

Ƙarar aiki ita kaɗai ba ta cika mayar da mutum kurma tiƙis ba. Kuma ba kowane rashin ji ba ne daga ƙara. Dattin kunne da ya toshe rami ana cire shi a likita ji ya dawo. Kunnen da ke zubar da ruwa ko mugunya ciwo ne na bayan dodon kunne, yana da magani. Sanƙarau, wanda muka sani sarai a ƙasar nan, yana iya kashe ji gaba ɗaya. Wasu allurai irin su jantamisin da sitireftomisin suna kashe waɗannan ƙwayoyin gashi ɗin dai, kuma haɗuwarsu da ƙara ta fi muni, don haka mai aikin inji ya faɗa ma likita sana'arshi, kada kuma ya karɓi irinsu a hannun mai tallar magani. Wanda kuwa ya wayi gari kunne ɗaya ya ɗauke farat ɗaya, kada ya jira: ya nemi likitan kunne cikin kwanakin farko, don a nan magani yana iya yin amfani in an yi sauri. A manyan asibitoci irin na Yamai, sashen da za a nema shi ne wanda aka rubuta ORL a ƙofarshi.

Abin da ke rage lissafin

Mu koma ga saurayin mai 97. Akwai abin toshe kunne na soso mai laushi, wanda ake samu a wasu farmasi da shagunan kayan aiki. Ana murza shi da yatsu masu tsabta ya zama siriri, a ɗaga hannu ta bayan kai a ja kunnen sama don ramin ya miƙe, a zura, a riƙe kamar rabin minti har ya kumbura ya cika ramin. In ya shiga daidai, mutum zai ji muryarshi ta yi kauri a cikin kanshi. Lambar da ke jikin kwali takan fi abin da ake samu a wurin aiki, to mu ce ya rage 15 kawai. Daga 97 an dawo 82. A 82 rabon rana awa 16 ne. Awa 6 ɗinshi da suke kayan kwana 12 yanzu ba su kai rabin na kwana guda ba.

Amma akwai tarko. A ce ya sa na awa 5 da rabi, ya cire na minti 30 don yin ciniki alhali inji na tafiya. Waɗannan minti 30 a 97 su kaɗai sun cinye rabon ranar duka. Saboda haka a sa kafin a tada inji, a cire bayan an kashe. Auduga da tsumma da rawani ba su rage abin kirki, sai dai su sa mutum ya ɗauka ya tsira. Akwai kuma mai kama da kofi biyu da ke rufe kunnen duka. Ya fi sauƙin sawa daidai, ko da yake da zafin watan Afrilu ba kowa ke jure shi ba. Ƴan'uwa da ke Legas ko Abijan ko Aljeriya, in kuna da ƙane a wannan sana'a, wannan tsaraba ce da ba ta da nauyi a jaka. In ku ma aikinku yankan ƙarfe ne, ko fasa dutse, ko kwana kusa da gurup, lissafin nan naku ne.

Tazara ma tana aiki. A fili, duk lokacin da aka ninka nisa ƙara tana raguwa da kamar desibel 6: wanda ke mita 4 ya fi wanda ke mita 1 sauƙi da kusan 12. A cikin rufaffen ɗakin kwano wannan ba ya yi sosai, don bango da rufi suna dawo da sautin. Shi ya sa masu jira ya kamata su aje kwano su fita waje, musamman mai goyo da yaran da ake aika, waɗanda suka fi kowa son tsayawa a bakin inji suna kallo. Mai inji kuma zai iya raba injin gazuwal da wurin niƙa da bangon ƙasa bel ya ratsa ta kafa, ya gyara salansa, ya ɗaure kusoshin da suka saki, ya sa robar tsohuwar taya a ƙarƙashi, kuma kada ya bar farantai suna gugar juna ba hatsi. In mutum biyu ne, su riƙa karɓa-karɓa. Wanda ya wuni a inji kuma kada ya kwana da abin sauraro a kunne ya ƙure murya, don awoyin dare su ne na gyaran zaren nan.

Wanda ya riga ya yi shekaru a ciki yakan ce ai aikin gama ya gama. A kunnen da ke da rami a 4,000, dubban ƙwayoyi na nan da ransu a 500 da 1,000 da 2,000, kuma da su yake jin magana. In ƙarar ta tsaya, ɓarnar da take yi ba ta ci gaba, sai dai abin da tsufa zai ƙara daga baya. Na'urar ƙara ji da ake maƙalawa a kunne tana yin aikin ƙwayoyin waje ne, tana ɗaga sautin da ya ɓace, amma sai an saita ta bisa takardar gwajin mutum, don ta ɗaga s da sh ta bar a da u yadda suke. Wadda ake saye a kan tebur tana ɗaga komai gaba ɗaya, har da ƙarar da ba a so, shi ya sa da yawa ke ƙarewa a ƙasan akwati bayan sati guda.